Kimanta darajar kayan gwal

Kimanta darajar kayan gwal (zinare) ita ce hanyar da ake bi a gano kuɗin sarƙa, zobe, awarwaro ko 'yan kunne ta la'akari da abubuwa uku: nauyi, tsabtar gwal ɗin, da kuɗin ƙira. A yankin Funtua da Malumfashi da ke kudancin Jihar Katsina, mata kan sayi gwal bayan kaka, lokacin da aka sayar da masara ko auduga, su ajiye shi a matsayin kadara, su sayar idan buƙatar taki ko hidimar biki ta taso.

Ana auna nauyi da giram, tsabta kuma da karat. Tsantsar gwal karat 24 ne, amma yana da laushi, shi ya sa ake gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa. Karat 21 na nufin kashi 21 cikin 24 gwal ne, kuma hatiminsa 875. Na karat 18 shi ne 750, na 22 kuma 916. Akan sami hatimin a maƙullin sarƙa ko a cikin zobe. Hatimi kaɗai ba hujja ba ne, domin ana buga shi a kan kayan da aka yi wa ruwan gwal kawai. Masu saye kan goga kayan a baƙin dutsen gwaji, su ɗiga asid a kan zanen. Idan zanen ya ɓace, tsabtar ba ta kai wadda aka faɗa ba. Maganaɗisu ba ya jan gwal, amma ba ya jan tagulla ma, don haka wannan gwajin bai wadatar ba.

Misali, a ɗauka giram ɗaya na tsantsar gwal naira 100,000 ne, don sauƙin lissafi. Sarƙa mai giram 10 ta karat 21 tana ɗauke da tsantsar gwal giram 8.75, wato naira 875,000. Idan kuɗin ƙira naira 8,000 ne kan kowane giram, mai saye zai biya 955,000. Da sarƙar ta karat 18 ce aka sayar da sunan 21, gwal ɗinta na 750,000 ne kacal.

Kuɗin ƙira shi ne inda aka fi samun saɓani. Ladan aikin maƙeri ne, kuma yana ƙaruwa da wahalar zane, amma yawanci ba ya dawowa ranar sayarwa, domin mai sayen tsohon gwal nauyi da karat yake biya. Ko farashi bai motsa ba, sarƙar nan ba za ta wuce 875,000 ba, kafin ɗan kasuwa ya cire ribarsa. Idan kuma tana da duwatsun ado masu nauyin giram ɗaya, za a cire su daga awo, kuɗin ya koma 787,500. Saboda haka masu sayen gwal don ajiya suka fi son awarwaro ko sarƙa marar duwatsu mai sauƙin ƙira.