Kada A Rama Yunwar Yini Guda A Zama Ɗaya

Duk shekara idan Ramadan ya kama, koke ɗaya ake ji bayan shan ruwa: ciki ya kumbura, ƙirji na zafi, gyatsa mai tsami na tasowa, wani ma murɗa ke hana shi tsayuwar Asham. Da yawa sukan ɗora laifin a kan azumin, su ce ya taso musu da olsa. A mafi yawan lokuta laifin yana cikin minti 15 na farko bayan kiran Magariba, lokacin da ake ƙoƙarin rama yunwar awa 13 ko 14 a zama ɗaya.

Mu duba faifan buɗa baki na gida mai rufin asiri. Ana kiran salla mutum zai kwankwaɗi fiya wata leda biyu masu sanyi, lita guda ke nan. Ya bi da kofin kunun tsamiya, ya ɗora ƙosai, soyayyen dankali da doya da ƙwai, sannan ya kora da lemon kwalba. Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da takura ba, ka ga ruwa kaɗai ya kusa cinye wurin kafin abinci ya iso. Saƙon ƙoshi kuma yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa, don haka mai sauri ya riga ya wuce gona da iri tun bai sani ba. Mai na suya yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, lemon kwalba yana zuba iska kai tsaye, hanzarin haɗiya yana ƙara wata. Can cikin dare wake zai kawo nasa kason, domin yana ɗauke da wani nau'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai ƙananan halittun da ke cikin babban hanji su ruɓar da shi su fitar da iska. A haka za a je a yi ruku'u da sujada, cikin ya matsu, ruwan tsami ya hauro maƙogwaro.

Maganin shi ne a raba buɗa baki gida biyu. A fara da dabino ɗaya zuwa uku da kofin ruwa guda, a sha da kurɓi-kurɓi, in an so a ƙara rabin kofin kunu mai ɗumi ko yankan kankana. A tashi a yi Magariba. Wannan tazarar ta salla ita ce ke ba sukarin dabino damar shiga jini ya karya zafin yunwa, sai mutum ya dawo kan abinci da hankalinsa. A zama na biyu a zaɓi soyayye kala ɗaya kawai, a haɗa da abu mai romo ko ganye, kamar farfesu ko kwaɗon zogale, a tauna sosai. Tuwo ko shinkafa su jira bayan Asham, amma a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cinsu da kwanciya. Sauran ruwan da jiki ke bin mutum bashi a rarraba shi kofi-kofi har zuwa sahur.

Wani zai ce ai hadisi ya yi umarni a fara da abinci idan an ajiye shi lokacin salla. Haka ne, kuma hikimarsa ita ce kada zuciya ta rataya ga akushi ana cikin ibada. Wanda ya karya yunwarsa ya samu wannan natsuwa. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki uku tsakanin abinci, abin sha da numfashi. Leburan da ya wuni cikin rana shi ma zai ce dabino uku ba za su riƙe shi ba. Ba a ce ya rage abincinsa ba, a'a, ya ci duka, amma a zama biyu ko uku. Su kuwa masu zargin ƙanƙara, sanyin ba shi ne babban mai laifi ba, yawan ruwan da saurin shansa ne.

Sai dai ba kowane ciwon ciki ne na cika tumbi ba. Kumburin buɗa baki yakan lafa cikin 'yan awoyi. Idan ciwon yana tashin mutum daga barci, ko yana aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko ƙirji ya riƙe tare da zufa da sarƙewar numfashi, to jiƙa kanwa ba nasa ba ne, asibiti za a nufa a daren. Masu shan ibuprofen ko diclofenac da zarar an sha ruwa, don ciwon kai ko gajiya, su sani waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon tumbi. Mai gyambon ciki da mai ciwon sukari kuwa su ga likita tun cikin Sha'aban, a tsara musu lokutan magani da abinci kafin a ga wata.