Yadda Ake Neman Gurbi a Shirin Fodkas Ba Tare da Yabon Kai Ba

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, shi ya sa masu ilimi da yawa suke zaune a gida suna jiran a gayyace su, alhali masu shirye-shiryen fodkas suna can suna faman neman wanda za su zanta da shi mako mai zuwa. Fodkas dai shiri ne irin na rediyo, sai dai a intanet ake ɗora shi, mutum ya saurara a wayarsa lokacin da ya ga dama. Yawancin masu yin sa mutum ɗaya ne ko biyu, su ne masu neman baƙo, su ne masu tsara tambayoyi, su ne masu tace murya. Wanda ya aiko musu da saƙon da ya rage musu wannan ɗawainiya, shi suke kira. Wanda ya aiko da tarihin rayuwarsa da jerin digirori kuwa, ya ƙara musu aiki ne, domin sai sun zauna sun lalubo abin da za su tambaye shi.

Mu ɗauki misali. A ce akwai malamin gona mai ritaya wanda ya ji wani shiri na Hausa kan noma da kasuwanci, yana so a zanta da shi. Idan ya rubuta cewa yana so ya yi magana a kan noma, ya ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, domin shirin gaba ɗaya a kan noma yake. Ko ya ce adana amfanin gona, har yanzu bakin ya yi faɗi. Amma idan ya ce zai bayyana dalilin da ya sa wake yake yin ƙwari a cikin buhu mai hawa uku, duk da an ce buhun yana hana ƙwari, to ya kawo kashi guda na shiri cikakke, da take da komai. Mai shirin yana karantawa zai ji tambaya ta farko ta zo masa da kanta.

Wannan ƙaramin batu yana da nama a jikinsa. Buhun da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ba magani ake zubawa ba. Idan aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki suna shaƙe ragowar iskar, sai su daina ci da haihuwa, su mutu. Huda ɗaya ta ɓera ko ta tsinken kara tana rushe aikin duka, haka ma idan aka ɗura waken bai gama bushewa ba. Ga kuma dalilin da zai sa mai saurare ya damu: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Malamin da ya san waɗannan abubuwa ba ya bukatar cewa shi ƙwararre ne, bayanin zai faɗa da kansa.

Kafin ya rubuta komai, sai ya saurari kashi uku ko huɗu na shirin tun daga sallama har zuwa bankwana. Da haka zai san tsawon shirin, ko mai gabatarwa yana son labari ne ko yana son lissafi, da kuma, mafi muhimmanci, ko an riga an tattauna batun nasa. Wasu shirye-shiryen ma ba sa karɓar baƙi sam, kuma aika musu da irin wannan saƙo shaida ce cewa ba a taɓa sauraronsu ba. Bayan haka saƙon zai iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya, ya aiki? Na saurari zantawarku da dillalin hatsi na kasuwar Dawanau, inda ya ce manoma suna sayar da wake da arha a kaka don tsoron ƙwari. Na yi shekara 18 ina aikin malamin gona, kuma na koya wa manoma ɗaure buhu mai hawa uku a ƙauyuka da dama. Ina so in zo in yi bayanin abu ɗaya: kurakurai uku da suke sa wake ya lalace ko a cikin wannan buhu, wato ɗura shi da danshi, rashin gwada ledar ko ta huje, da jingina buhun a ƙasa inda ɓera zai kai gare shi. Ba na sayar da buhun, ba kuma na wakiltar wani kamfani. Na haɗo da muryata ta minti biyu don ku ji yadda nake bayani. Ina da sarari kowace Asabar da Lahadi bayan la'asar. Allah ya ƙara basira."

A lura da yadda aka ambaci wani kashi na shirin da abin da aka faɗa a ciki. Wannan ya fi "ina jin daɗin shirinku ƙwarai" sau goma, domin kowa yana iya rubuta wannan ko bai taɓa kunna shirin ba. A lura kuma da jimlar da ta ce ba ya sayar da komai. Masu shiri suna tsoron baƙon da zai mayar musu da fili kasuwa. Idan da gaske kana da hajar da kake so a sani, faɗa tun a saƙon, ka bar mai shirin ya yanke ko talla ce ta biya ko hira ce. Ni a ganina ɓoye wannan shi ne laifin da ba a cika yafewa ba.

Muryar nan ta minti biyu kuwa kada a raina ta, ita ce rabin takardar neman. Mutum yana iya zama gwanin alƙalami amma in ya buɗe baki sai inda-inda. A ɗauke ta a ɗaki mai katifa da labule, domin suna shanye amsa-kuwwa, a kashe fanka, a bari janareton maƙwabta ya yi shiru. Kada a karanta daga takarda, kunne yana ganewa nan take. A ɗauki kuskure ɗaya daga cikin ukun a bayyana shi kamar ana yi wa ƙani bayani a bakin rumbu. Idan garinku sabis yana yawan yankewa, ka ambata cewa za ka iya naɗar muryarka a wayarka yayin hirar, ka tura daga baya. Masu shiri suna son jin haka, don ko layi ya tsinke ba a rasa maganar ba.

Sai batun lokaci, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Ana roron wake a arewa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, masu shiri da yawa kuma suna naɗar hira makonni kafin su sake ta. Saboda haka saƙon malamin namu ya kamata ya isa a Agusta ko farkon Satumba. In ya bari sai Janairu, wake ya riga ya shiga buhu, mai shirin zai ce a bari sai baɗi.

Idan aka yi shiru, a jira kwana goma a sake tuntuɓa sau ɗaya, da layi biyu, ta hanyar da shirin ya sanar ake samunsa, ba ta lambar gidan mutum da aka samo a wurin wani ba. In har yanzu ba amsa, sai a nemi wani shirin, a saurare shi shi ma, a sauya sakin layin farko. Bayanin buhu da ɓera yana nan yadda yake, sai dai ranakun da za a gyara.