Tsani Mai Zamewa: Fara Gina Lissafi Kafin Ka Nemi Sauri

A reshen lissafin da ake kira kalkulas akwai tambayoyin da sauyin wani abu ke jan sauyin wani. Mafi yawan ɗalibai tun wajen mayar da zance lissafi suke tuntuɓe.

Ga tsani mai tsawon mita 5 jingine da bango. Ƙafarsa tana zamewa da saurin mita 1 kowace daƙiƙa. Da wane sauri kansa ke sauka sa'adda ƙafar ta kai mita 3 daga bangon?

Da farko zana hoton, ka raba abin da ke sauyawa da wanda ke tsaye. Tsawon tsani ba ya sauyawa. Nisan ƙafa daga bango kuwa yana ƙaruwa, mu kira shi x. Tsayin kai daga ƙasa yana raguwa, mu kira shi y. Bango da ƙasa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, don haka ƙa'idar Fitagoras ta ba mu x² + y² = 25. Wannan dangantaka gaskiya ce a kowane lokaci, shi ya sa za a iya auna sauyinta bisa lokaci: 2x(dx/dt) + 2y(dy/dt) = 0.

Sai yanzu ne za a shigar da 3. Idan x = 3, to y = 4, sai dy/dt = −3/4. Alamar ragi tana nufin kan yana sauka, da saurin kashi uku cikin huɗu na mita kowace daƙiƙa.

Wanda ya yi gaggawar sa 3 tun farko ya daskarar da tsanin, sai lissafi ya ce masa kan ba ya motsi. In ka ga sifili alhali abu yana tafiya, koma ka duba inda ka sa lamba a gurbin harafi.