Auna Furotin: Sabulun da Ke Ruɗa Gwaji

A ɗakin bincike, kafin a yi wani aiki da furotin da aka ciro daga nama ko ƙwayoyin halitta, sai an san yawansa. Hanyoyi biyu suka fi shahara.

Ta farko ita ce gwajin Bradford, wanda Marion Bradford ya fito da shi a 1976. Rinin Coomassie ne ke manne wa furotin, ruwan ya koma shuɗi, a auna shi a nanomita 595. Yana da sauri, amma sabulun sinadari na ɓata shi. SDS kaɗan ma ya isa ya sauya launin, sai na'ura ta nuna furotin da babu shi.

Ta biyu ita ce BCA. A nan furotin ne ke sauya yanayin jan ƙarfen da ke cikin ruwan gwajin, launi ya koma shunayya, a karanta a 562. Wannan tana jure sabulu har kusan kashi 5 cikin ɗari. Matsalarta DTT, domin shi ma yana sauya jan ƙarfen kamar yadda furotin ke yi. EDTA kuwa kama jan ƙarfen yake yi, launin ya kasa fitowa sosai.

To, idan an fasa ƙwayoyin da ruwan RIPA mai SDS, BCA ce ta dace, kuma a jinkirta zuba DTT sai bayan an auna. Mai shakka ya gwada ruwan shi kaɗai ba furotin: in ya yi launi, ba za a amince da sakamakon ba.