Saƙon wata uwa kafin a kunna "The Lion King"

Ranar Juma'a da yamma, wata uwa a Kaduna ta tura saƙo zauren iyali kafin yaran dangi su taru kallon "The Lion King", fim ɗin zane da kamfanin Disney ya fitar a 1994.

Ta fara da harafin G da ke jikin fim ɗin. A tsarin tantance finafinai na Amurka, in ji ta, G na nufin kowa zai iya kallo, babba da yaro. PG kuwa jan kunne ne ga iyaye cewa akwai abin da bai dace da ƙananan yara ba, kuma shi aka ba sabon fim ɗin na 2019.

Sai dai harafin bai faɗi komai da komai ba, shi ya sa ta yi dalla-dalla. Akwai wurin da garken dabbobi ke kwararowa cikin kwazazzabo a guje, mugun zaki Scar ya saki ɗan'uwansa Mufasa ya faɗo ya mutu. Daga nan ɗan zaki Simba ya zo yana tunkuɗar gawar mahaifinsa, yana neman ya tashi. Akwai kuma kuraye masu ban tsoro, da faɗa cikin wuta a ƙarshe.

Ta roƙi ƙanwarta: "Don Allah ki zauna kusa da Auta. In kin ga ya yi tsit ya maƙale miki, ki tsayar da fim ɗin ku yi magana tukuna."

Yaran maƙwabta da suka yi rashin uba bara kuwa, ta ce sai an fara tuntuɓar mahaifiyarsu.