Bayan gobara: takardar neman diyya daga kamfanin inshora

Ranar da wuta ta ci shago ba ranar rubutu ba ce, amma sanar da kamfanin inshora ba ya jira. A kira su nan take, wasiƙa ta biyo baya kafin wa'adin da ke cikin takardar yarjejeniya ya ƙare. Kada a share toka tukuna. Akwai mai ƙiyasin asara da za su turo ya gani da idonsa.

Mu ɗauki mai shagon atamfa a kasuwar Kantin Kwari. Bayan lambar yarjejeniya da rana da lokacin gobarar, kada ya rubuta "kayana duka sun ƙone". Ya ce turmi 200, kowanne a kan naira 15,000, jimla miliyan 3, da kuɗin sari, domin inshorar gobara ba ta biyan ribar da ya yi fatan samu. Janareta da fanka su zauna a layinsu daban, da shekarar saye, tunda za a rage kuɗin tsufa.

A ƙasa ya jera shaidun da ya haɗa: rahoton hukumar kashe gobara, na 'yan sanda, hotuna, rasit, bayanan banki. Idan rasit ya ƙone, dilan da ya sayar masa zai iya ba shi kwafi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙarancin inshora. Wanda ke da kayan miliyan 6 amma ya yi inshorar miliyan 3, rabin asararsa kawai za a biya shi.