Satar gida: Dokar da ke raba kan 'yan kallo a Jabi

A daren Asabar, idan ma'aikata sun ajiye jakunkunan ofis, gidajen kallon ƙwallo da ke kewayen tashar motar Jabi sukan cika maƙil. Ana cikin kallo sai ƙwallo ta faɗa raga, ɗaki ya kaure da sowa, wani ma har ya ture benci. Kafin sowar ta lafa sai a hango mataimakin alƙalin wasa tsaye a bakin layi, tuta a sama. An soke cin. Tsofaffin 'yan kallo su ce satar gida ce, su gyara zama. Sabon shiga kuwa, wanda abokan aiki suka jawo, sai ya shiga rantsuwa cewa da idonsa ya ga mai tsaron baya a gaban wanda ya ci.

Sau da yawa gaskiya yake faɗa game da abin da ya gani. Kuskurensa shi ne lokacin da ya duba, da kuma mutumin da ya ƙirga.

Doka ta 11 cikin dokokin wasa 17 da hukumar IFAB ke kula da su ita ce ta satar gida. Ta ce ɗan wasa yana matsayin satar gida idan yana cikin rabin filin abokan hamayya, kuma ya fi kusa da layin ragarsu fiye da ƙwallo, ya kuma fi ɗan wasansu na biyu daga ƙarshe kusa da layin. Ana auna wannan da kai da gangar jiki da ƙafa. Hannu ba ya cikin lissafi, tunda ba a cin ƙwallo da shi. Wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da na biyun bai yi laifi ba, kuma haka abin yake tun gyaran 1990.

Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne lokaci. Idon ɗan kallo yana bin ƙwallo, don haka yakan yanke hukunci a sa'ad da ta isa ƙafar mai karɓa. Doka kuwa tana duba daƙiƙar da abokin wasa ya buga ta. Duk wanda ya taɓa aikin rajista a ma'aikata zai gane bambancin: kamar takarda ce da ake lissafi da ranar da aka aika ta, ko da ta kwana uku kafin ta iso tebur. Ɗan wasan da ke gudun mita takwas a daƙiƙa yakan ci mita huɗu cikin rabin daƙiƙa. Saboda haka mutum na iya karɓar ƙwallo shi kaɗai, ya bar masu tsaron baya can nesa, alhali lokacin da aka bugo yana daidai da su. Wani kuma ya tsaya a bayansu, a bugo, ya dawo da gudu ya karɓa a tsakiyarsu, tuta ta tashi, kuma ta tashi bisa ƙa'ida.

Na biyun ya fi wannan ɓoyuwa, domin har waɗanda suka shekara suna kallo yakan kayar. Mutane sun saba cewa "mai tsaron baya na ƙarshe", saboda kusan kullum gola ne ke can ƙurya, sai ya zama mai tsaron baya ɗaya ne ya rage a ƙirga. Amma dokar ba ta ware gola ba. 'Yan wasa biyu take so, ko su wane ne.

Wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010 ya nuna wannan ƙarara. Ranar 11 ga Yuni, a filin Soccer City na Johannesburg, Afirka ta Kudu ta karɓi Meziko. Kafin hutun rabin lokaci Meziko ta sami kwana. Gola Itumeleng Khune ya fito don ya tare ƙwallo a sama, bai same ta ba. Wani ɗan Meziko ya goga ta da kai zuwa ga Carlos Vela, wanda ke dab da raga, shi kuma ya tura ta ciki. Akwai ɗan Afirka ta Kudu tsaye a kan layin raga, kowa ya gan shi, don haka da aka ɗaga tuta jama'a da dama suka ɗauka an zalunci Meziko.

Sai dai idan aka tsayar da hoton a daƙiƙar da aka goga ƙwallon da kai, lissafin a fili yake. Tsakanin Vela da layin raga mutum ɗaya ne tak, wato wanda ke kan layi. Khune, da ya fito, ya bar Vela a bayansa, sai ya zama shi ne na biyu daga ƙarshe, kuma Vela ya wuce shi. Akwai wani tarko ma a ciki. Babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga bugun kwana, ko jifa, ko bugun gola. Da ƙwallon ta iso Vela ba tare da kowa ya taɓa ba, da cin ya tsaya. Amma da zarar abokin wasansa ya sa mata kai, rangwamen kwana ya ƙare, aka buɗe sabon lissafi daga wannan taɓawar. Mataimakin alƙali ya yi daidai, aka tashi wasan 1-1.

Tsayuwa a wurin kaɗai ba laifi ba ce. Sai ɗan wasan ya taɓa ƙwallo, ko ya tare wa gola gani, ko ya yi takarar ƙwallon da abokin hamayya, ko ya amfana da wadda ta dawo daga turke ko hannun gola. Shi ya sa akan ga mutum a bayan kowa, tuta ba ta motsa ba, domin ƙwallon ta bi wani ɓangare. A nan ne dokar ta bar wa alƙali ɗan fili na ra'ayi, kuma a nan ne gardamar ke da hujja ta gaske.

Shi kansa mai tutar aikin da aka ɗora masa ya kusa fin ƙarfin ido: ya ga ƙafar mai bugu da layin masu tsaro a lokaci guda, alhali tsakaninsu na iya kai mita talatin. 'Yan Najeriya sun taɓa cin ribar hakan. Ranar 21 ga Yunin 2014, a Cuiabá ta Brazil, Edin Džeko na Bosniya ya ci Super Eagles, aka ɗaga tuta, maimaici kuma ya nuna bai yi satar gida ba. Mintuna kaɗan bayan nan Peter Odemwingie ya ci, Najeriya ta yi nasara da 1-0. Ba a ji masu kallo a gida sun yi wani dogon ƙorafi a kan adalci a wannan daren ba.

Irin waɗannan kurakurai na cikin abin da ya kawo VAR gasar duniya a 2018. A Qatar a 2022 aka ƙara da kyamarori 12 a rufin fili, masu bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, da wata na'ura a cikin ƙwallo mai nuna ainihin lokacin bugu. Wannan ya haifar da sabon abin ruɗu: a wasannin da ake amfani da VAR, mataimaki kan jinkirta ɗaga tuta idan lamarin ya yi kusa, har sai harin ya ƙare, domin idan ya tsayar da wasa bisa kuskure babu yadda za a dawo da damar.

Kyamarar talabijin ma tana yaudara, domin da wuya ta kasance daidai da layin masu tsaro. Daga karkace, wanda ke daidai sai ya yi kama da wanda ya wuce. Mai kallo a Jabi da ke son ya yanke hukunci da kansa sai ya jira maimaici, ya kama lokacin da ƙwallo ke barin ƙafar mai bugu, ya bi zanen yankan ciyawa a matsayin ma'auni, sannan ya ƙirga daga layin raga: ɗaya, biyu, har da gola idan yana nan.